Yadda ake gano matsalar fawa banki idan ya ƙi cajin waya ko yana saurin ƙarewa

Fawa banki da ya ƙi aiki yana da wurare biyar da laifin kan ɓuya: bakin caji, igiyar caji, ƙarfin wutar da bakin ke fitarwa, cikar da bankin ya samu tun farko, sai kuma ƙwayoyin batirin da ke cikinsa. Huɗun farko duk ana gyara su da ɗan kuɗi kaɗan ko ma kyauta. Na biyar ne kawai ba shi da magani a gida. Shi ya sa ake bin su a jere, daga mai araha zuwa mai tsada, kada ka yanke wa batir hukuncin mutuwa alhali igiyar da ka saya a bakin tasha ce ta ci amanarka.

Kafin komai, ɗora bankin a kan tebur mai shafe ka duba shi da kyau. Idan yana lilo, ko murfinsa ya ɗaga, ko gefensa ya tsage kamar an tura shi daga ciki, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na sinadari, to ka tsaya a nan. Batirin ya kumbura, ba a gwada shi, ba a sake sa masa caji. Abin da za a yi da shi yana ƙarshen rubutun nan. Idan jikinsa lafiya lau, sai a ci gaba.

Mataki na farko: raba laifin tsakanin waya, igiya da banki

Nemo kan caja da ka amince da shi, da wata waya ta biyu, da wata igiya ta biyu. Sa wayarka a kan caja na bango da igiyar da kake amfani da ita a bankin. Idan a nan ma tana kamawa tana saki, ko sai ka lanƙwasa igiyar ka danne ta da wani abu kafin ta kama, banki ba shi da laifi. Daga nan sa wayar ta biyu a bankin da igiya ta biyu. Idan ta kama da kyau, nan ma ka wanke bankin. Bayan haka, don gane ko waya ce ko igiya, abu ɗaya ake canjawa a kowane gwaji. Mai canja igiya da waya da baki a lokaci guda, ko matsalar ta tafi ba zai san wanda ya kore ta ba, gobe kuma ta dawo.

Haska fitila cikin bakin cajin wayar da na bankin. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a can ƙasan ramin, kullum ka cusa igiya kana ƙara daddanne su, har su zama wani ɗan curi mai tauri da ke hana kan igiyar shiga har ƙarshe. Alamarsa ita ce kan igiyar ba ya zama daram, ɗan motsi kaɗan sai ya zame. Kashe wayar, ka samu tsinken sakace na itace ka fere shi ya yi siriri, ka riƙa yakuto dattin a hankali ta gefe-gefe, kana kauce wa ɗan harshen da ke tsakiyar ramin. Ban da allura, ban da fil, domin ƙarfe na iya haɗa wuta a ciki, musamman a bakin banki da ba ka da tabbacin a kashe yake.

Akwai kuma bankin da ya yi shiru gaba ɗaya, ka danna maɓalli babu fitila ko ɗaya. Sau da yawa na'urar kariyar da ke cikinsa ce ta rufe bayan wata lalatacciyar igiya ta haɗa wuta, ko batirin ya sauka ƙasa sosai saboda an daɗe ba a sa masa caji ba. Cire komai daga jikinsa, ka sa shi a caja na bango mai kyau, ka bar shi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya a inda idonka ke kansa. Da yawa suna farfaɗowa da haka. Idan bayan nan babu fitila, ko ya fara zafin da hannu ba ya jurewa, cire shi.

Igiyar caji, inda yawancin laifin yake

Daga waje duk igiyoyi kama ɗaya suke yi, amma abin da ke aiki shi ne jan ƙarfen da ke ciki. Kamar tiyon ban ruwa ne: idan ya yi siriri kuma ya yi tsawo, ruwan da ke fita a ƙarshensa ba shi da ƙarfi komai girman tankin. Banki yana fitar da bolt 5 daga bakinsa, amma ba duka ke isa wayar ba, wani kaso yana zubewa a hanya ya zama ɗumi a jikin igiyar.

Ga lissafin a fili. Ana auna kaurin zaren ciki da lambar AWG, kuma lamba babba ita ce zare siriri. Igiya mai tsawon mita ɗaya da zaren 28AWG, irin wanda ake sa wa masu araha, tana zubar da kusan bolt 0.85 idan wayar ta ja amfiya 2. Wato maimakon 5, abin da ya fi 4 da kaɗan ne ke isa. Igiya mai tsawo ɗaya da zaren 24AWG kuwa kusan bolt 0.34 kawai take zubarwa. Idan siririyar ta kai mita biyu, asarar ta ninka. Waya ba ta jure wannan. Da ta ga wutar na sauka, sai ta rage abin da take ja da kanta, ta koma amfiya ɗaya ko rabinta. Kai kuma kana ganin alamar caji a allo, kana zaton komai daidai, awa biyu ta wuce ba ta ƙara kashi 20 ba.

Tsufa ma na yi wa igiya haka. Zaren ciki silili ne da yawa a murɗe, kuma a wuyan igiyar, inda take lanƙwashewa a aljihu ko a jaka, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Igiyar da ta fara da kyau sai ta koma siririya ba tare da ka ga komai a waje ba. Taɓa wuyanta bayan minti goma na caji. Ɗan ɗumi ba komai ba ne, amma idan wuri ɗaya ya fi sauran jikin zafi sosai, a nan ta ci rauni.

Ga banki, gajeriyar igiya ce ta fi, mai santimita 20 zuwa 30, mai kauri, wadda aka rubuta 3A ko 60W a kwalinta daga kamfanin da aka sani. Kada kaurin roba ko saƙar zaren da aka naɗe ta da shi ya ruɗe ka, akwai masu ƙiba a waje da ba su da komai a ciki. Igiyoyin nan masu kai uku kuwa, na fita kunya ne a ranar tafiya. Yawancinsu ba sa iya ɗaukar caji mai sauri, kuma idan ka rataya musu waya biyu sai su raba ɗan abin da ke akwai.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne igiya mai kan Type-C a duka ɓangarorin biyu. Bakin Type-C ba ya sakin wuta sai ya ji alama daga na'urar da aka haɗa masa. Wasu ƙananan kaya masu araha, irin su fitila, ƙaramar fanka da rediyo, an yi musu bakin Type-C amma ba a sa musu ɗan abin da ke ba da wannan alamar ba. Ka haɗa su da irin wannan igiyar, shiru. Ka sa musu igiya mai babban kan USB a gefen banki, nan take su kama. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su. Sannan a wasu bankunan, musamman tsofaffi, bakin Type-C na shigar wuta ne kawai, ba ya fitarwa. Duba ɗan rubutun da ke kusa da shi: `IN` shiga kawai, `OUT` fita kawai, `IN/OUT` duka biyun.

Karanta ƙananan rubutun da ke bayansa

Juya bankin ka nemi layin da ya fara da `Output`. Za ka ga wani abu kamar haka:

```
Output USB-A: 5V/2.4A
Output USB-C: 5V/3A, 9V/2.22A, 12V/1.67A
Total Output: 5V/3A
```

Ninka lambar V, wato bolt, da lambar A, wato amfiya, ka samu wat, wato ainihin ƙarfin da bakin ke iya bayarwa. 5V/1A wat 5 ne, 5V/2.4A wat 12 ne, 9V/2.22A kuma wat 20. Tsofaffin bankuna da yawa suna da baki biyu, ɗaya 1A ɗaya 2.1A, kuma daga ido ba ka bambanta su. Wanda ya saba cusa igiya a duk bakin da hannunsa ya fara taɓawa, rabin lokaci a bakin wat 5 yake.

Wat 5 kuwa bai ishi wayar zamani da ake amfani da ita ba. Allo a buɗe da haske sosai, ana kallon bidiyo, ko an kunna rabon data ga wasu, ga kuma sabis mai rauni da wayar ke ta faman nema, duk wannan na iya cinye kusan abin da bakin ke bayarwa. Sai ka ga kashi ya tsaya cak, wani lokacin ma yana sauka alhali tana caji. A nan mutum zai rantse banki ba ya caji, kuma ga shi bankin na ƙarewa, domin wutar tana fita, wayar ce ke cinye ta tana shigowa.

Layin `Total Output` shi ne wanda masu talla ba sa so ka karanta. Bankin da aka rubuta wa 20W ko 22.5W da manyan haruffa a gaba, wannan ƙarfin na baki ɗaya ne idan shi kaɗai ke aiki. Da ka sa waya ta biyu, yawancinsu sukan sauko zuwa bolt 5 su raba wat 15 tsakanin wayoyin. Wasu ƙanana ma idan jan ya wuce iyakarsu sai su ɗauke wuta baki ɗaya, su dawo, su sake ɗaukewa.

Caji mai sauri kuma sai waya da banki sun yi magana da yare ɗaya. Sanannun tsare-tsaren su ne PD, da ke bi ta bakin Type-C, da QC na kamfanin Qualcomm. iPhone tun daga iPhone 8 tana amfani da PD. Wayoyin Samsung masu cajin wat 25 suna buƙatar wani reshe na PD mai suna PPS, idan bankin ba shi da shi sai su tsaya a ƙasa da haka. Wasu kamfanonin kuma suna da nasu tsarin na gida, kamar VOOC na Oppo, wanda ba ya kai cikakken saurinsa sai da cajansa da igiyarsa. Idan ba su fahimci juna ba, ba abin da ke ƙonewa, kawai sai su koma bolt 5 na yau da kullum. Saboda haka wayar da ke cika cikin awa ɗaya a bango tana iya ɗaukar awa biyu da wani abu a banki, kuma duka biyun lafiyarsu ƙalau.

Ɗaya gefen matsalar shi ne kayan da ke jan wuta kaɗan ƙwarai, irin ƙananan abin sauraro na kunne da agogon hannu. Banki yana kashe kansa idan ya ga abin da ake ja ya yi ƙasa sosai, yana ɗauka an cire waya ko ta cika. Shi ya sa yakan ɗauke bayan kamar rabin minti. Bankuna da yawa suna da yanayi na musamman don irin waɗannan kayan, ana shiga ta danna maɓalli sau biyu ko a riƙe shi na ɗan lokaci, takardar da ta zo da shi za ta faɗa maka wanne.

Shin ya ma cika kuwa?

Wannan tambayar ta fi shafar mu da wuta ke zuwa mana a gutsure. Banki mai 20,000mAh yana ɗauke da kusan 74Wh, wato wutar da za ta ba da wat 74 na tsawon awa ɗaya. Idan ka sa shi a tsohon kan caja mai 5V/1A, raba 74 da 5, ka samu kusan awa 15, da asarar hanya kuma ya doshi awa 17 ko 18. A kan caja mai wat 10, kamar awa 8 zuwa 9. A mai wat 18, idan layin `Input` na bankin ya nuna yana karɓar 9V/2A, awa 5 zuwa 6. To wanda aka kawo wa wuta ta awa uku da dare, ko ya kai shagon caji da hantsi ya karɓo da azahar, a kan caja da bai san ƙarfinsa ba, bankinsa bai ga cika ba. Fitilu huɗun nan kuma ba ma'auni ne na gaskiya sosai ba. Kowace tana wakiltar kusan kashi 25, kuma yayin da ake caji wutar batirin na nuna sama da yadda take, sai fitila ta uku ta kama da wuri. Cika ita ce fitilun duka su tsaya cak babu mai ƙyaftawa. Idan za ka kai shago, haɗa da kan cajanka da igiyarka, ka ce wa mai shagon ya bar shi har ƙyaftawar ta tsaya.

Lissafin da ke kashe rabin ƙorafi

Mutum ya sayi 20,000mAh, wayarsa 5,000mAh, sai ya raba ya ce sau huɗu. Ya samu ƙasa da uku, sai ya ce an cuce shi. Ba lallai ba ne. Lambar da ke gaban banki ta ƙwayoyin batirin ciki ce, kuma su a bolt 3.7 suke. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko 9, a cikin wayar kuma a sake sauke ta, kowane juyi yana cin nasa kason. Don haka da Wh ake lissafi, ba da mAh ba:

```
Wh = mAh × V ÷ 1000
20000 × 3.7 ÷ 1000 = 74
5000 × 3.85 ÷ 1000 = 19.25
```

Daga 74 ɗin nan, banki mai kyau yana fitar da kamar kashi 85 a bakinsa, wato wajen 63Wh. Igiya da wayar su ma su ci nasu, abin da ke zama a batirin wayar ya koma wajen 54Wh. Raba da 19, ka samu sau uku ba kaɗan. Wannan sabon banki ke nan na gaskiya, da wayar da aka ajiye ba a taɓa ta. Mai 10,000mAh kuwa sau ɗaya da kusan rabi. Kamfanonin da ba sa ɓoye-ɓoye suna rubuta wannan da kansu a layin `Rated Capacity`, inda za ka ga banki mai 10,000mAh an sa masa wajen 6,000mAh a bolt 5. A ganina bankin da ya rubuta wannan layin ya fi cancantar a amince da shi a kan wanda ya cika kwali da manyan lambobi.

Gwajin da ke nuna ko batirin ya tsufa

Sai yanzu aka zo kan batir, bayan an tabbatar baki a share yake, igiya mai kyau ce, bankin kuma ya cika da gaske.

Hanya mafi inganci ita ce ɗan ma'aunin USB, wani ɗan abu kamar filashi mai ƙaramin allo da ake sawa tsakanin banki da igiya. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan gyaran waya, masu gyara da yawa ma suna da shi a teburinsu. Yana nuna V da A a take, yana kuma tara Wh ɗin da suka wuce ta cikinsa. Cika bankin, mayar da ma'aunin sifili, ka riƙa cajin wayoyi ta cikinsa ɗaya bayan ɗaya har bankin ya mutu, sannan ka sa ma'aunin a wata wuta ka karanta jimillar, domin yawancinsu suna riƙe ta. Karanta Wh, ka bar mAh, saboda idan cajin ya hau bolt 9 lambar mAh za ta yi ƙasa ta ruɗe ka.

A ce bankin mai 20,000mAh ne, an shekara biyu ana amfani da shi kullum a rumfar POS. Sabo ya kamata ya ba da wajen 60 zuwa 65Wh. Idan ma'aunin ya nuna 50, ya fara tsufa amma da sauransa. Idan ya nuna 30, rabinsa ya tafi, wayar nan mai 5,000mAh sau ɗaya da ɗan wani abu za ta samu. Idan kuwa banki sabo fil ya nuna 20 ko 25, ba tsufa ba ne, tun asali ba a sa masa abin da aka rubuta ba. Yayin gwajin kuma sa ido kan lambar V. Ta tsaya tsakanin 4.75 da 5.25 a caji na yau da kullum. Idan tana faɗuwa ƙasa da haka tun a bakin banki da zarar wayar ta fara ja, allon da ke sarrafa wuta a cikin bankin ne ko batirinsa ba sa iya ɗaukar nauyin.

Idan babu ma'auni, wayar ma za ta iya ba ka kimanin amsa. Bari ta sauka zuwa kashi 20, sa ta a yanayin jirgi, kashe allo, ka caja ta daga cikakken banki har kashi 80. Ga waya mai 5,000mAh, wannan kashi 60 ɗin kamar 11.5Wh ne, wanda zai ci wa banki wajen 15 zuwa 16Wh. A banki mai 20,000mAh, kusan kashi 20 zuwa 22 ke nan, wato bai kai fitila ɗaya ba. A mai 10,000mAh, kashi 40 da wani abu. Idan babban bankin ya zubar da fitila biyu a wannan ɗan aikin, ka san inda aka kwana. Abin lura ɗaya: idan batirin wayar da kansa ya tsufa, zai cika da wuri ya sa bankin ya fito kamar gwani, don haka yi gwajin da wayar da ke riƙe caji sosai. Manhajar Ampere a wayoyin Android tana nuna abin da ke shiga batir a take, tana da amfani wajen kwatanta igiya biyu, muddin wayar tana ƙasa da rabi, domin duk waya tana rage ja idan ta doshi cika.

Tsohon batir yana da halaye da za ka gane ko ba gwaji. Yana cika da wuri fiye da da, saboda wurin zuba wutar ya ragu. Yana nuna fitila huɗu, ka sa waya minti kaɗan ya faɗo biyu ko ɗaya, ka cire wayar ya huta sai fitila ta uku ta dawo. Dalilin shi ne batirin litiyam idan ya tsufa, cikinsa yana ƙara yi wa wuta tirjiya. Da aka ja da ƙarfi sai ƙarfinsa ya durƙushe zuwa wajen bolt 3, inda na'urar kariya ke yanke wuta, alhali da sauran caji a ciki. Shi ya sa irin wannan bankin kan iya kunna ƙaramar fitila na tsawon dare amma ya kasa cajin waya na rabin awa, kuma ya fi saurin ɗaukewa a bakin caji mai sauri.

Akwai kuma mai zubar da wuta a ajiye. Cika shi, cire duk igiya daga jikinsa, ka sa shi a inuwa mako ɗaya. Mai lafiya kusan yadda ka bar shi za ka same shi. Idan ya zubar da fitila ɗaya ko biyu, ko dai wata ƙwaya a ciki ta lalace tana tsotse 'yan'uwanta, ko allon wutar ba ya barci. Cire igiyar na da muhimmanci a gwajin, saboda wasu igiyoyin, musamman masu 'yar fitila a kai, suna hana banki kashe kansa. Wanda ke barin igiya a maƙale cikin jaka yakan ga bankinsa ya ragu da safe ba tare da ya caja komai ba.

Abin da ke tsufar da shi da wuri

Batirin litiyam irin na yawancin bankuna yana yin kamar zagaye 300 zuwa 500 na cika da ƙarewa kafin ya sauko wajen kashi 80 na ƙarfinsa. Mai cika shi ya ƙarar kullum, cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya kai nan. Wannan ba makawa. Abin da ke hannunka shi ne zafi. Iyakar zafin da aka yarda a caja irin wannan batirin shi ne digiri 45, a Sakkwato, Maiduguri da Yamai kuwa inuwa ma tana wuce 40 a bazara. Bankin da aka bari a gaban mota a rana, ko a ƙarƙashin kwanon rumfa, ko aka ɗaure shi da waya da roba suna dafa juna a aljihu, ya wuce iyakar nan nesa. Mafi muni shi ne zafi tare da cika: batir a kashi 100 cikin zafi ya fi saurin lalacewa ko ba a amfani da shi. Caja shi da dare ko da asuba a kan siminti ko tayil, ba a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba. Idan za a daɗe ba a taɓa shi ba, a bar shi wajen rabi, a ɗan ƙara masa duk bayan wata biyu ko uku. Cajin banki yayin da shi ma yake cajin waya yana ƙara masa zafi, a bar shi sai dole. Ƙaramin allon sola da ake maƙala wa wasu bankunan kuwa, wat ɗaya ko biyu yake bayarwa, kwana da kwanaki zai yi bai cika shi ba, ranar da ka shanya shi a ciki kuma tana gasa batirin.

Idan gwaji ya nuna sabon banki ne ba shi da ƙarfi, nauyinsa zai ƙara maka haske. Na gaskiya mai 10,000mAh yakan kai gram 180 zuwa 250, mai 20,000mAh kuma gram 350 zuwa 500. Ƙwayar batir mai lamba 18650, wadda ake jerawa a cikin bankuna da yawa, mafi kyawunta wajen 3,500mAh take ɗauka. Don haka abin da bai fi tafin hannu ba aka rubuta masa 50,000mAh, lissafin bai fita ba. Sai dai nauyi kaɗai ba shaida ba ne, an sha buɗe na jabu a tarar da ƙwaya ɗaya ce ke da wayar wuta a jikinta, sauran an cika su da yashi. In da hali, je kasuwa da ma'auninka, ko ka yi sharaɗi da mai kaya cewa za ka gwada ka dawo da shi.

Canja ƙwayoyin ciki yana yiwuwa a wurin mai gyara, amma ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba. Ƙwayoyin da ake samu da araha galibi an ciro su ne daga tsofaffin batiran kwamfuta, haɗa sabuwa da tsohuwa a layi ɗaya kuma neman fitina ne. Gyaran da ya cancanci kuɗi shi ne na bakin USB da ya girgiɗe ko ya ɓalle daga allo, wannan ɗan aikin dalma ne ga wanda ya iya.

Wanda ya kumbura kuwa, kada a huda shi don iskar ta fita, kada a danne shi da nufin ya koma daidai, kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, domin yana iya tashi da harshen wuta da hayaƙi mai guba. Rufe bakunansa da salatif, ka sa shi a tsohon gwangwani ko tukunyar ƙasa mai yashi, a inuwa, a waje, nesa da yara da man fetur, sannan ka miƙa shi ga masu karɓar tsofaffin batira ko mai gyaran waya, ka gaya masa a fili cewa kumburarre ne don kada ya sa shi a caji.